Yadda Ake Tantance Abin da Ba Za a Saka a Furofayil Ba: Wurin Aiki, Layin Gida da Sunayen Yara

Wanda yake son cutar da mutum ta hanyar abin da ya gani a waya, ko ɗan damfara ne, ko mai bibiyar mace, ko mai kai rahoto ga masu garkuwa da mutane, amsar tambayoyi uku yake nema. Wane ne wannan, da su wa yake tare? A ina ake samunsa? Da wane lokaci? Sunan ma'aikatarka shi kaɗai bai cika yin illa ba, haka ma sunan unguwarka. Amma idan aka haɗa ma'aikata da unguwa da sunan ɗanka da hoton rigar makarantarsa, an amsa duka ukun ba tare da an tambayi kowa ba. Don haka aikin da ke gabanmu ba ɓoye komai da komai ba ne. Aikin shi ne a raba waɗannan amsoshi, kada baƙo ya same su a jere a wuri guda.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wata mata ce a Kano, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti, tana kuma sayar da turaren wuta da humra ta Facebook da WhatsApp. Tana da yara biyu a firamare. Ba za ta iya rufe shafinta gaba ɗaya ba, domin da shi take samun masu saye. Irin wannan hali ya fi wuya, kuma shi ne halin yawancin mutane. Namiji mai shago ko malamin makaranta zai iya bin matakan nan yadda suke.

Mataki na farko: dubi kanka da idon baƙo

Kafin ka goge komai, ka fara sanin abin da ke waje. A Facebook, ka shiga furofayil ɗinka, ka taɓa ɗigo uku da ke kusa da sunanka, ka zaɓi View As. Abin da ya bayyana shi ne abin da duk wanda ba abokinka ba yake gani. A WhatsApp babu irin wannan, sai ka nemi wanda ba ka ajiye lambarsa ba, ya sa lambarka a wayarsa, ku duba tare. Daga nan ka rubuta cikakken sunanka a Google, ka sake rubuta lambar wayarka, sannan ka sa a duba lambar a Truecaller. Wannan manhaja tana tattara sunaye daga wayoyin mutane, shi ya sa sau da yawa abin da zai fito shi ne yadda wani ya ajiye ka: sunanka haɗe da ma'aikatarka, ko haɗe da unguwarku.

Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta duk abin da ka gani, har da abin da ke cikin hotuna. A wurin matar da muke misali da ita, ga abin da zai fito: sunan shafinta "Maman wane", sunan asibitin da take aiki, ranar haihuwarta da shekara, lambar waya, lambar asusu a ƙasan tallar turare, hoton yara ranar komawa makaranta, da katin walima da aka rubuta adireshin gida a jiki.

Mataki na biyu: tambaya ɗaya ga kowane layi

Ka bi abin da ka rubuta layi-layi, kana tambaya: wa yake bukatar wannan, wanda bai riga ya sani ba? 'Yan uwanka sun san gidanka. Abokan aikinka sun san inda kake aiki. Kakar yara ta san sunayen jikokinta. Idan duk wanda ya cancanci sanin abu ya riga ya sani, to rubuta shi a furofayil baƙo kaɗai yake amfana.

Akwai abin da ke tsallake wannan tambaya. Mai sayen turare yana bukatar sanin garin da kaya za su taso, domin ya lissafa kuɗin aike. To "Kano" ta tsaya. Yana bukatar lambar da zai kira, ita ma ta tsaya, sai dai za mu dawo kanta. Amma bai bukatar sanin asibitin da mai turare take aiki, balle sunan ɗanta na fari.

Mataki na uku: sunayen yara

A nan za mu daɗe, domin a nan al'adarmu take buɗe ƙofar da ba mu lura da ita ba. Mace tana jin nauyin a kira ta da sunanta na yanka, sai ta zama Maman wane ko Ummu wance. Namiji ma yana zama Abu wane ko Baban wance. A cikin gida wannan mutunci ne. A saman furofayil kuwa, sanarwa ce ga duniya cewa akwai yaro mai wannan suna, kuma ga mahaifiyarsa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne suna ba ya ɓoyuwa. A Facebook, suna da hoton furofayil na yanzu da babban hoton da ke samansa kowa yana ganinsu, ko da ka rufe sauran. A WhatsApp, sunan da ka sa wa kanka yana fitowa ga duk wanda kuke guruf ɗaya da shi, ko da bai ajiye lambarka ba. A Instagram, ko ka mayar da shafin Private, suna da hoto da ɗan bayanin da ke ƙasa suna nan a fili.

Me sunan yaro yake yi wa mugu? Abu biyu. Na ɗaya, yaro ɗan shekara shida yana yarda da duk wanda ya kira sunansa ya kuma ambaci mahaifiyarsa. "Mamanku ce ta ce in zo in ɗauke ku, yau tana aikin dare a asibiti." Duk abin da ke cikin wannan jimla daga furofayil aka samo shi. Na biyu, kiran damfara ga iyaye ko kakanni: a bugo da rana tsaka a ce wane ya faɗi a makaranta, ana hanyar asibiti, a turo kuɗi yanzu. Mai kiran bai taɓa ganin yaron ba. Sunan da ya ambata daidai ne yake sa hankalin uwa ya tashi har ta kasa tsayawa ta kira makarantar.

Gyaran yana da sauƙi. Matar tamu ta mayar da sunan shafin zuwa sunan sana'arta ko nata sunan. Sai dai ta yi tunani kafin ta canza, domin Facebook ba ya barin a sake canza suna sai bayan kwana 60. Ta kuma duba adireshin shafin, wato abin da ke bayan facebook.com/, domin tsohon sunan yakan zauna a can bayan an canza na sama, kuma shi daban ake gyara shi. A sashen Family and relationships ta cire yaran gaba ɗaya.

Daga nan sai hotuna, domin suna ba a rubuce kaɗai yake fita ba. Kek ɗin zagayowar ranar haihuwa yana ɗauke da suna da shekaru. Allon saukar Alƙur'ani da takardar shaidar Islamiyya suna ɗauke da cikakken suna da na makaranta. Katin sakamakon jarrabawa, wanda iyaye suke ɗorawa don murna, yana da suna da aji da makaranta a shafi ɗaya. Rigar makaranta kuwa ko ba a rubuta komai ba, duk ɗan garin ya san launin. Ra'ayina a nan ba ni da sassauci: hoton yaro da rigar makaranta ba na furofayil ba ne, ko da an ce abokai kaɗai ke gani. Makaranta ita ce wurin da yaro yake zuwa kullum, a lokacin da kowa ya sani, kuma iyayensa ba sa wurin. Idan ana so kakanni da gwaggonni su gani, a tura musu kai tsaye.

Mataki na huɗu: layin gida

Ƙa'idar ita ce a tsaya a gari. A babban birni irin Kano ko Kaduna ko Yamai, sunan gari bai nuna komai ba. Sunan unguwa ya rage nisa, sunan layi kuwa ya kawo mutum ƙofar gida, domin a unguwanninmu da zarar baƙo ya iso layi, yaro na farko da ya tambaya zai raka shi har zaure. Wanda ke zaune a ƙaramin gari ko ƙauye, sai ya ja baya da taki ɗaya, ya rubuta jiha kawai. Idan sunan unguwa ya riga ya zama ɓangaren sunanka, kamar yadda da yawa suke ɗaukar sunan garinsu ko unguwarsu tun daga makaranta, ba sai ka canza ba, amma ka sani ka riga ka bayar da wannan amsar, sai ka ƙara tsuke sauran.

Mutane kaɗan ne suke rubuta adireshi da hannunsu. Ta bayan fage yake fita. Katin ɗaurin aure ko na suna ko sanarwar rasuwa, duk suna ɗauke da kwatance: gida kaza, bayan masallaci kaza. Hoton da aka ɗauka a ƙofar gida yana nuna lambar gida, da launin get, da allon shagon maƙwabci, wani lokaci har da lambar mota. Kafin ka ɗora hoto, ka buɗe shi da yatsu biyu ka duba abin da ke bayanka, ba fuskarka ba. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: idan kyamarar wayarka tana ajiye wuri, hoton yana ɗauke da inda aka ɗauke shi. WhatsApp yana cire wannan idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin Document, kamar yadda 'yan kasuwa suke yi don kada hoton ya dusashe, bayanin yana tafiya tare da shi. Ka shiga saitin kyamara ka kashe ajiye wuri, an wuce wurin.

Ga mai sayar da kaya daga gida, babban tarkon yana cikin WhatsApp Business. Akwai gurbin adireshi, har da taswira, da gurbin lokutan aiki, kuma duk wanda ya sami lambar yana iya gani. Mai shago a Kantin Kwari ya cika wannan gurbi, ba laifi, shago don a zo aka buɗe shi. Matar da shagonta ɗakinta ne ta bar shi babu komai, ko ta rubuta gari kawai. Masu karɓar kaya a haɗu da su a wurin jama'a, bakin gidan mai ko bakin kasuwa, ko a aika ɗan sahu da aka sani. Za ta rasa wasu masu saye da suke son su zo su shinshina turaren da kansu, wannan gaskiya ne. Waɗanda aka saba da su har aka yarda da su, sai a yi musu kwatance ta waya, mutum ɗaya-ɗaya.

Mataki na biyar: wurin aiki

Wannan ya fi sauran bukatar awo, domin wasu da wurin aikinsu suke ci. Lauya, ɗan jarida, malamin jami'a da mai neman aiki a LinkedIn suna bukatar a san inda suke. Ga irin waɗannan, a bar wurin aiki, a cire gida da iyali kwata-kwata daga wannan shafi. Ka ga an raba amsoshin.

Ga sauran mutane, a rubuta sana'a, a bar ma'aikata. "Ma'aikaciyar jinya" ta wadatar, ba sai an ce asibiti kaza, sashen haihuwa ba. Sunan ma'aikata yana faɗin inda kake daga safe zuwa yamma, yana faɗin lokacin da gidanka babu kai, yana kuma sa a yi maka ƙiyasin dukiya, wanda galibi ya fi abin da ke aljihunka. Ma'aikacin banki, mai POS, akawun da ke biyan albashi da jami'in tsaro, a ganina ko sana'ar ma kada su rubuta. Sannan a kula da katin shaidar aiki da ke rataye a wuya a cikin hoto, da ɗan rubutun nan na "yau aikin dare, ku sa mu a addu'a". Addu'ar tana da kyau, amma an sanar da cewa yara suna gida ba tare da uwarsu ba har asuba. Haka labarin tafiya: hoton tasha ko filin jirgi ya jira sai an dawo.

Mataki na shida: ranar haihuwa, lambar waya da lambar asusu

Ranar haihuwa tana cikin abin da banki yake tambaya don ya tabbatar kai ne. Ɗan damfarar da ya kira ya ce daga banki yake, ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka daidai, ya riga ya sami rabin yardarka kafin ya nemi lambar sirrin da aka turo maka. Ka mayar da ranar haihuwarka Only me a Facebook, wato kai kaɗai ke ganinta. In kana son gaisuwar abokai, ka bar rana da wata, ka ɓoye shekara, Facebook ya raba su gida biyu. Hoton katin zaɓe, fasfo, takardar NIN ko tikitin jirgi kuwa, babu dalilin da zai sa su hau shafi.

Lambar asusu tana da wani sirri da 'yan kasuwa ba su cika lura da shi ba. Duk wanda ya rubuta ta a manhajar bankinsa, cikakken sunan mai asusun zai fito masa, ko bai tura ko sisi ba. A OPay da PalmPay kuma, galibi lambar asusun ita ce lambar wayar mutum da aka cire sifirin farko. Ke nan matar da ta ɓoye sunanta a bayan sunan sana'a, sannan ta manna lambar asusu a ƙasan kowace talla, ta bayar da sunan da lambar waya a lokaci guda. A tura lambar asusu ga wanda ya gama ciniki kawai. Idan da hali, a ware layi na biyu don kasuwanci.

Mataki na bakwai: gogewa ko rufewa

Abin da ka yanke cewa baƙo bai bukata, kana da zaɓi biyu: ka rage masu gani, ko ka goge. Na fi son gogewa ga adireshi, wurin aiki da sunayen yara. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook kusan miliyan 533 a intanet, ciki har da kusan miliyan 9 daga Najeriya, da lambobin waya da sunaye da garuruwa, wasu har da wurin aiki. Abin da ba a taɓa rubutawa ba shi ne kaɗai ba ya cikin irin wannan jeri. Sannan kalmar Friends tana ruɗin mutane. Wanda yake da abokai dubu uku, ya san fuskar nawa a ciki? Kuma ba kullum baƙo ne mai cutarwa ba, sau da yawa wanda ya san ka sama-sama ne, yana neman cikon abin da bai sani ba.

Ga sauran, a Facebook ka shiga Settings, ka nemi Audience and visibility. A Profile details ka gyara kowane gurbi. A How people find and contact you ka mayar da jerin abokanka Only me, domin daga nan ake gano matarka da ƙannenka da surukanka, ka kuma rage waɗanda za su iya nemo ka da lambar waya. A ƙarƙashin Posts akwai wurin taƙaita tsofaffin rubuce-rubuce, wanda yake mayar da duk abin da ka taɓa sakewa ga kowa zuwa abokai kaɗai a lokaci guda. Ba a warware shi da taɓawa ɗaya, don haka mai talla ya sani tsofaffin tallansa ma za su rufu. Tsofaffin hotunan furofayil kuwa ka bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sunayen nan suna ɗan sauyawa daga waya zuwa waya, idan ba ka ga ɗaya ba ka rubuta shi a gurbin bincike na Settings.

A WhatsApp ka shiga Settings, sannan Privacy, ka mayar da Profile photo da About da Groups zuwa My contacts. Amma ga 'yar kasuwar da take ajiye lambar duk wanda ya taɓa tambayar farashi don ya riƙa ganin tallarta, My contacts ɗinta kasuwa ce guda. Ita sai ta yi amfani da Only share with a duk lokacin da za ta ɗora abin gida a Status, ta zaɓi 'yan uwa da hannu, ta kuma tuna ta mayar kafin ta ɗora talla. Mantuwa a nan tana da yawa, shi ya sa layi biyu ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na takwas: mutanen gida

Za ka iya tsabtace shafinka tas, ƙanwarka ta ɗora hoton 'yarka da cikakken suna da "Allah ya raya mana". Ka kunna bitar alama a Profile and tagging, domin kada abin da aka sa sunanka ya hau shafinka sai ka amince. Sai dai wannan bai cire hoton daga shafin wanda ya ɗora ba. Maganinsa magana ce, kuma a yi ta da lalama, domin ƙauna ce ta sa suka ɗora. Ga ƙanwa ana iya cewa kai tsaye: "Don Allah ki sauke hoton nan, akwai sunan makarantarsu a jiki." Ga babba kuwa sai a sassauta: "Yaya, mun daina sa yaran a waya saboda halin da ake ciki, in kin ɗauka ki turo mana ta nan kawai." Makarantar yara ma a tambaye ta, domin da yawa suna ɗora hotunan ɗalibai da sunayensu a shafin talla. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun watan Yunin 2023, kuma ta tanadi neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, saboda haka kana da hurumin cewa a cire.

Bayan an gama, ka sake yin mataki na farko, amma wannan karon ka ba wani aboki wayar, ka ce ya gwada amsa tambayoyi ukun nan daga abin da yake gani kawai. Idan ya tsaya a "mai turare ce a Kano", aiki ya yi. Idan daga baya wani mai saye da ba ku taɓa haɗuwa ba ya gaishe ki da sunan ɗanki, ko ya tambayi ya aikin asibiti, to akwai inda ke yoyo. Ki tambaye shi cikin raha a ina ya ji. Yawanci amsar tana ɗaya daga wurare uku: tsohon hoton da ba a rufe ba, guruf ɗin da wata ta kira ki Maman wane a gaban kowa, ko Truecaller, wanda yake da shafin cire lamba mai suna Unlist a gidan yanar kamfanin.